Mai kamfani ya ce a buɗe masa imel ɗin ma'aikaci: ina iyakar abin da doka ta yarda?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema daga lauyoyi da masu kula da kwamfuta. A wani kamfanin rarraba kaya mai ma'aikata 38, takardar sabon farashi ta fita waje. An kammala ta ranar 3 ga wata, zuwa ranar 9 wani abokin gasa ya riga ya karya farashi daidai da abin da ke cikinta. Mutum 6 ne aka tura wa takardar. Mai kamfani yana zargin mutum ɗaya, ya ce a canza kalmar sirrin imel ɗinsa a shiga a karanta komai, sannan a karɓi wayarsa a duba WhatsApp, tunda akwai imel na ofis a kanta. Wayar tasa ce, da kuɗinsa ya saya. Microsoft 365 ake amfani da shi, kuma yau mako uku ke nan da faruwar abin. Me ya halatta, me bai halatta ba?

Alhajin Kwari: Hajiya, ni ban ga abin muhawara a nan ba. Adireshin imel na kamfani ne, kamfani ke biyan kuɗin lasisi duk wata. Mai ɗaki ba ya neman izinin shiga ɗakinsa. Wayar dai na yarda a bar masa, amma imel a buɗe kawai.

Barista Abu Hanif: Wa alaikumus salam. Alhaji, ranka ya daɗe, rabin maganarka gaskiya ce. Akwatin imel na kamfani ne, kuma kamfani yana da hujjar bincike idan sirrin kasuwancinsa ya fita. Inda maganar ta gaza shi ne ɗauka cewa mallakar akwatin tana nufin mallakar duk abin da ke ciki. Mai gidan haya shi ke da ginin, amma ba ya buɗe akwatin ɗan haya don kawai takardar fili tana hannunsa.

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, gidansa, wasiƙunsa da hirarsa ta waya. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda aka sanya wa hannu ranar 12 ga Yuni na shekarar, ita ce ta fayyace yadda kamfani zai taɓa bayanan mutum. A wajenta karanta imel ɗin ma'aikaci sarrafa bayanansa ne, don haka dole kamfani ya nuna wace hujja daga cikin na sashe na 25 ya dogara da ita. Wadda ta dace da wannan yanayi ita ce halastacciyar buƙatar kamfani. Amma sashen ya ɗaure ta da sharaɗi: ba ta zama hujja idan ta danne haƙƙin mutumin, ko kuma idan mutumin ba zai yi tsammanin za a yi amfani da bayanansa ta wannan hanya ba.

Saboda haka tambayar farko gare ki, Hajiya, ita ce: kafin ranar 3 ga wata, akwai takarda da aka ba ma'aikata mai cewa ana iya duba imel na ofis, a wane hali, kuma wa zai duba?

Maman Ilham: Akwai layi ɗaya a takardar ɗaukar aiki, Barista. Cewa ya yi ma'aikaci ya amince kamfani ya sa ido a kan duk na'urorinsa da hanyoyin sadarwarsa. Kowa ya sa hannu. Shi mai kamfani da wannan layin yake kafa hujja.

Barista Abu Hanif: Wannan layin bai kai ƙarfin da yake zato ba. Sashe na 26 ya ɗora wa kamfani nauyin tabbatar da cewa amincewar da son rai aka yi ta, kuma ya ce a duba ko an ɗaure kwantiragi da amincewa da abin da bai zama dole ga kwantiragin ba. Wanda ya yi shekara biyu yana neman aiki, aka miƙa masa takarda aka ce sa hannu ko ka ba na bayanka wuri, da wuya a kira wannan son rai. Ƙari a kan haka, doka ta ba shi damar janye amincewarsa duk lokacin da ya ga dama. Kamfanin da ya gina bincikensa a kan amincewa kaɗai, ranar da ma'aikaci ya rubuto cewa ya janye, ginin ya rushe.

Amfanin layin guda ɗaya ne: yana nuna an taɓa gaya wa ma'aikaci cewa imel na ofis ba wurin ɓoye sirri ba ne. Wannan zai taimaka wajen duba saƙonnin aiki da suka shafi takardar farashin. Ba zai kai ga karanta komai da komai ba, kuma kalmar "na'urorinsa" ba ta mayar da wayar da mutum ya saya da kuɗinsa ta zama ta kamfani.

Injiniya Ɗan Kurna: Bari in shigo ta ɓangaren aiki, domin hanyar da mai kamfani ya zaɓa ita ce mafi muni ko da babu doka. Idan aka canza kalmar sirri aka shiga da sunan ma'aikacin, duk abin da aka yi daga wannan lokaci rajistar tsarin za ta rubuta shi a matsayin shi ne ya yi. An buɗe saƙo, an tura, an goge, duk da sunansa. Gobe a gaban kwamitin ladabtarwa zai ce: tun ranar kaza akwatina yana hannunku, wa ya san abin da kuka saka a ciki? Kuma zai yi wuya a ƙaryata shi. Kun ɓata shaidarku da hannunku, kun kuma sanar da shi cewa ana bincike, tunda wayarsa za ta fara neman sabuwar kalmar sirri.

Matakin farko ba ya buƙatar karanta ko saƙo ɗaya. Akwai abin da ake kira Message trace a shafin adimin na Exchange, wato ɓangaren imel na Microsoft 365. Yana nuna wanda ya aika, wanda aka aika wa, lokaci, kan saƙo, girmansa da ko ya isa. Ba ya nuna abin da aka rubuta a ciki. Kamar duba bayan ambulan ne ba tare da an yage shi ba. Ga yadda ake yi a PowerShell, bayan an haɗa shi da Exchange Online:

```
Get-MessageTraceV2 -SenderAddress sunan.maaikaci@example.com `
 -StartDate (Get-Date).AddDays(-28) -EndDate (Get-Date).AddDays(-20) |
 Format-List Received,SenderAddress,RecipientAddress,Subject,Size,Status
```

Bayanan kwana 90 na baya kawai yake riƙewa, kuma tambaya ɗaya ba ta wuce tsawon kwana 10. Mako uku ya riga ya tafi, saboda haka a ciro yanzu a adana, kada a jira a gama taro.

Shawarata a yi wa duka mutum 6 ɗin, daga ranar 3 zuwa 9, saƙonnin da suka fita zuwa adireshin waje kawai. A ce an samu saƙo 200. A cire waɗanda suka tafi wa sanannun kwastomomi, sannan a duba girma. Idan takardar farashin ta kai megabait 2, saƙon da ke ɗauke da ita zai nuna wajen megabait 2.7, domin imel yana ƙara wa fayil kusan kashi ɗaya cikin uku idan ya naɗe shi. Duk saƙon da bai kai wannan girma ba ya fita daga zargi, sai dai in an kwafe lambobin an zuba a jikin saƙo. Ƙarshenta za ku iya tarar da saƙo uku ko huɗu, wataƙila ɗaya ya tafi wani adireshin Gmail da ƙarfe 11 na dare. Waɗannan ukun su ne abin buɗewa.

Alhajin Kwari: Injiniya, me ya sa za a taɓa mutum biyar da ba a zarga? Ai wannan ya fi abin da mai kamfani ya nema yawa.

Injiniya Ɗan Kurna: Yawan mutane ya ƙaru, Alhaji, amma zurfin ya ragu sosai. Duba bayan ambulan na mutum shida na kwana bakwai bai kai karanta wasiƙun shekara huɗu na mutum ɗaya ba. Kuma zargin mai kamfani ba shaida ba ne. Idan aka duba mutum ɗaya kawai ba a samu komai ba, sai a ce ya goge, zargi ya ci gaba da binsa, alhali wanda ya yi yana zaune a teburi na gaba.

Barista Abu Hanif: Na goyi bayan Injiniya, kuma wannan shi ne ainihin sashe na 24 na Dokar Kare Bayanai: a ɗauki abin da ya isa manufar da aka bayyana, kada a wuce. Kafin a taɓa komai a rubuta takarda mai shafi ɗaya, da kwanan wata da sa hannun wanda ya ba da umarni. Ta faɗi abin da ya faru, akwatunan da za a duba, daga wace rana zuwa wace, su wa za su gani, da ranar da za a goge abin da aka ciro idan bai shafi lamarin ba. Wannan takardar ce ke nuna an auna buƙatar kamfani da haƙƙin ma'aikaci kafin a yi, ba bayan an yi ba.

Akwai shari'ar da ta dace da wannan sosai, ta Bărbulescu da ƙasar Romaniya. Injiniya ne mai kula da sayar da kaya a wani kamfani a Bukares. Kamfanin ne ya sa shi ya buɗe Yahoo Messenger don amsa wa kwastomomi, kuma dokar kamfanin ta hana amfani da kayan ofis don harkar kai. A watan Yulin 2007 aka yi kimanin mako guda ana naɗar hirarsa. Da ya ce aiki kawai yake yi da shi, sai aka ajiye masa shafi 45 na hirarsa da ɗan'uwansa da kuma wadda zai aura, har da maganar lafiyarsa da sirrin tsakaninsu. Aka kore shi ranar 1 ga Agusta. Kotunan ƙasarsa suka ba kamfani gaskiya. Sai ranar 5 ga Satumba 2017 babban zauren Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai, da alƙalai 11 a kan 6, ya ce an keta haƙƙinsa.

Ku lura, ya karya dokar kamfani da gaske, kotu ba ta musa ba. Abin da ta kama shi ne kotunan gida ba su bincika ko an sanar da shi tun farko irin sa idon da zurfinsa ba, musamman cewa za a karanta abin da ke cikin saƙonnin, kuma ba su tambayi ko akwai hanya mafi sauƙi da za ta wadatar ba. Ta bambanta duba zirga-zirgar saƙo da karanta cikinsa, ta ce na biyun yana buƙatar hujja mafi nauyi. Wato bambancin da Injiniya ya nuna yanzu.

Kwamared Sani: Barista, da girmamawa, wannan shari'ar Turai ce. Alƙalin Kano ko Abuja ba ya ƙarƙashinta. Kuma in ban manta ba ko diyya ba a ba mutumin ba, sai kuɗin ɗawainiyar shari'a. Shekara goma yana bin haƙƙi, aikin bai dawo ba. Ma'aikacinmu da albashinsa bai kai ya ɗauki lauya ba, me wannan zai yi masa?

Barista Abu Hanif: Gaskiya ne, Kwamared, ba ta ɗaure kotunanmu, kuma ba a ba shi diyya ba. Amma rikicin kora Kotun Ma'aikata ta Ƙasa yake zuwa, kuma sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulki ya ba ta ikon duba rashin adalci a wurin aiki da kuma kyakkyawan tsarin da ake bi a duniya. Ta wannan ƙofa lauya zai iya kawo irin wannan hukunci don jan hankalin alƙali. Wanda ba shi da kuɗin lauya kuma yana iya kai ƙorafi Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa a ƙarƙashin sashe na 46 na Dokar Kare Bayanai. Tarar da ke sashe na 48 ga kamfanin da ba ya cikin manyan masu sarrafa bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga manyan kuma miliyan 10 ne ko kashi 2 ɗin. Kamfanin da ya juya biliyan ɗaya a shekara, kashi 2 ɗinsa miliyan 20 ne.

Ummu Khalil: Don Allah ku yi haƙuri in sako tawa. Na bar wani wurin aiki bara. Kwana biyu da ajiye aiki na tashi da safe na tarar wayata ta koma kamar sabuwa, hotunan yarana da lambobi duk sun tafi. Ashe dama suna cikin wayata suna karanta WhatsApp ɗina tun tuni ke nan?

Injiniya Ɗan Kurna: Sannu, Ummu Khalil, Allah ya mayar da alheri. Abu biyu ne daban: iya goge waya da iya karanta abin da ke cikinta. Abin da ya fi kama da abin da ya same ki shi ne an saka miki imel na ofis ta manhajar imel da ta zo da wayar. A lokacin saitawa wayar kan nuna wani shafi mai neman a ba manhajar ikon kula da na'ura, kuma a cikin jerin akwai goge dukkan bayanai. Kusan kowa danna amincewa yake yi ba tare da ya karanta ba. Bayan kin tafi, mai kula da kwamfuta ya zaɓi goge na'ura a maimakon goge akwatin ofis kawai. A Intune ma, tsarin Microsoft na kula da na'urorin ma'aikata, maɓallai biyu ne kusa da juna: Retire yana cire kayan kamfani ya bar na mai waya, Wipe yana mayar da waya yadda ta fito daga masana'anta. Wannan ikon bai ba su damar karanta WhatsApp ɗinki ba.

Wannan ya dawo da mu ga wayar da Hajiya ta tambaya. Abin da kamfani ke gani ya danganta da yadda imel ya shiga wayar. Idan manhajar Outlook kawai aka sauke aka shiga, ikon kamfani a cikin manhajar ya tsaya, in ya goge, akwatin ofis ne zai tafi. Idan Android ce aka yi mata Work profile, za a ga wasu manhajoji da ƙaramar alamar jakar ofis a jikinsu. Kamfani yana iko da waɗannan, yana ganin samfurin wayar da sigar tsarinta, amma ba ya ganin hotuna, saƙonnin tes, tarihin kira ko manhajojin ɓangaren mai waya. Idan kuma kamfani ne ya sayi wayar ya saita ta tun daga kwali, to yana ganin jerin duk manhajojin da ke ciki, yana iya hana sauke wasu, yana iya neman inda take idan ta ɓata. Ko a nan ma tsarin kula da na'ura na yau da kullum ba ya buɗe hirar WhatsApp.

Wanda yake son sanin matsayin wayarsa, a Android ya nemi Device admin apps a cikin Settings, a iPhone kuma Settings, General, VPN & Device Management.

Maman Ilham: To ke nan ta na'ura ba za a iya ganin WhatsApp ɗin nasa ba. Idan aka kira shi ofis aka ce ya buɗe wayar da kansa ya miƙa fa?

Barista Abu Hanif: Ana iya roƙonsa, yana iya ƙi, kuma ƙin nasa ba amsa laifi ba ne. Idan aka ce buɗe ko ka bar aiki, mun koma matsalar amincewar dole. Idan aka ƙwace wayar ko aka shiga ba da izininsa ba, an fita daga dokar kare bayanai an shiga Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba da kuma tare saƙonninsa. A nan wanda ya yi da hannunsa ma yana cikin haɗari, cewa oga ne ya sa ni ba ta wanke shi.

Sannan ku tuna abin da ke cikin WhatsApp na magidanci: hirarsa da matarsa, sakamakon asibiti, zauren masallacin unguwa, na jam'iyya, na ƙungiyar ƙwadago. Lafiya, addini, ra'ayin siyasa da zama ɗan ƙungiyar ƙwadago duk suna cikin bayanan da dokar kare bayanai ta ware a matsayin masu tsananin sirri, kuma sashe na 30 ya taƙaita hujjojin taɓa su. Ga kuma mutanen da ke ɗaya gefen hirar, waɗanda ba su taɓa sa hannu a takardar kamfaninku ba. Idan kamfani ya yi imani an aikata laifi kuma shaidar tana cikin wayar, hanyarsa ita ce kai ƙara ga hukuma, ita ta nemi izinin kotu.

Malam Habu Gwale: Kafin dokar 2023 ma an riga an gaya mana. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana yawan zato, ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma a jere suka zo. Neman saƙo uku da suka shafi amanar da aka ci daban, zama a karanta hirar mutum da iyalinsa daban.

Kwamared Sani: Injiniya, ka ce ba a ganin WhatsApp, amma an sha ajiye wa ma'aikata hoton hirarsu a gaban kwamiti. Ta ina ake samu?

Injiniya Ɗan Kurna: Ta hanya biyu galibi, kuma babu wadda ta fasa tsaron WhatsApp. Ta farko kwamfutar ofis ce. Mutum ya haɗa WhatsApp Web a laftof ɗin kamfani, alhali akwai manhajar sa ido mai ɗaukar hoton allo duk bayan 'yan mintuna. Saƙon a kulle yake tafiya a hanya, amma a allo a buɗe yake. Wani kuma ya mayar da laftof bai cire haɗin ba, duk wanda ya buɗe zai ga hirar tana shigowa. A duba Linked devices a cikin WhatsApp a cire duk abin da ba a gane ba. Ta biyu ta fi yawa: abokin aiki da ke cikin zauren ne ya ɗauki hoto ya kai.

Waifai na ofis kuwa, a wayarka sunan shafin da ka shiga yake iya nunawa, da lokaci da yawan data, ba abin da ka rubuta ba. A kwamfutar kamfani labarin yana iya canzawa, idan an saka mata satifiket na kamfani don buɗe zirga-zirgar intanet. Ka shiga Gmail, ka danna alamar da ke gefen adireshi, ka duba wanda ya ba da satifiket ɗin. In ka ga sunan kamfaninku ko na na'urar tsaron ofis a maimakon Google Trust Services, to ana iya ganin abin da ke wucewa. Layin waya na kamfani kuma, lissafin kira yana iya nuna lamba, lokaci da tsawon kira, ba muryar ba.

Alhajin Kwari: To Facebook fa? Yaro ya fito fili ya zagi kamfani, kowa ya gani. Shi ma sai na rubuta takarda kafin in karanta?

Barista Abu Hanif: A'a, Alhaji. Abin da ya wallafa a fili ka gani kamar kowa, kuma idan ya tona sirrin kasuwanci ko ya ɓata sunan kamfani, ana iya tuhumarsa bisa ƙa'idar aiki, a ba shi damar kare kansa. Abin da ke jawo matsala shi ne a sa wani ya riƙa bin shafukan ma'aikata kullum yana tara wa kowa fayil, wane ɗan jam'iyya kaza ne, wance tana bin malami kaza. Ko a buɗe shafin bogi a nemi abota don a ga abin da ya killace wa abokansa, ko a ce ya kawo kalmar sirrinsa. A 2020 hukumar kare bayanai ta Hamburg ta ci kamfanin tufafi na H&M tarar sama da yuro miliyan 35, saboda manajoji a cibiyarsa ta Nuremberg suna rubuta bayanan rashin lafiya, matsalolin iyali da addinin ma'aikata suna adanawa. Yawanci daga hirar baki suka samo su, ba ta wata manhaja ba.

Kwamared Sani: Ga abin da ke damuna. A ce kamfani ya yi duk abin da kuka hana, ya shiga ya samo shaidar. Kotu za ta yi watsi da ita?

Barista Abu Hanif: Ba lallai ba ne, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Sashe na 14 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce shaidar da aka samu ta hanyar da ba ta dace ba karɓaɓɓiya ce, sai in kotu ta ga illar karɓarta ta rinjayi amfaninta, kuma sashe na 15 ya jera abin da za ta auna, har da girman saɓawar da ko da gangan aka yi. Don haka kamfani yana iya cin shari'ar kora, sannan ya fuskanci ƙorafi daban a kan keta sirri. Inda hanyar mai kamfani za ta fi cutar da shi shi ne sashe na 84, mai neman a nuna cewa na'urar da ta fitar da takardar tana aiki daidai kuma a bayyana yadda aka ciro ta. Akwatin da mutum uku suka shiga da kalmar sirri ɗaya, lauyan ma'aikaci zai yi ta tambaya a kansa har nauyin shaidar ya zube.

Kwamared Sani: To ni a ganina wannan giɓi ne babba. Muddin shaidar za ta iya shiga, mai kuɗi zai karya doka ya biya tara daga baya.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Injiniya, saura abu ɗaya. Idan an samu saƙonnin uku, ta yaya za a buɗe su ba tare da an shiga akwatin duka ba?

Injiniya Ɗan Kurna: Ta eDiscovery, wato kayan binciken saƙonni da ke cikin Microsoft Purview, Hajiya. A buɗe bincike a kan akwatin mutum ɗaya, a saka ranakun 3 zuwa 9 da adireshin da aka aika wa, sai ya fito da waɗannan kaɗai, kuma rajista za ta rubuta sunan wanda ya yi binciken da lokacin. Mutum biyu su zauna, ke da wani wanda ba mai zargin ba, in da hali a gaban ma'aikacin. Saƙon da aka ga na gida ne a rufe shi, kada a kwafa. Ku sani kuma saƙon da aka goge har daga kwandon shara kwana 14 yake zama a ma'ajiyar ceto a saitin asali, sai in an ƙara zuwa 30 ko an ɗora wa akwatin riƙon da ke hana gogewa tun farko. Mako uku ya wuce wannan, don haka mai yiwuwa ku ga alamar saƙon a Message trace amma jikinsa ya tafi.

Kada a bi ta hanyar ba wani FullAccess a kan akwatin. Yana buɗe komai, akwatin yakan bayyana da kansa a Outlook ɗin wanda aka ba, kuma ana mantawa a cire, sai a shekara manaja yana karanta wasiƙun mutum. Ki sa a duba ko an riga an yi haka:

```
Get-MailboxPermission -Identity sunan.maaikaci@example.com
```

Idan kuma duka mutum 6 suka fito babu komai, hakan ba ya nufin takardar ba ta fita ta hannun ɗayansu ba. Mai yiwuwa hoton allo aka ɗauka da waya, ko an buga ta a takarda. Sai a duba rajistar firinta da ta wanda ya sauke fayil ɗin daga SharePoint, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft 365, idan a can aka ajiye shi.

Maman Ilham: Ba a SharePoint yake ba. Yanzu na tambaya, ashe shi mai kamfanin ma ya tura takardar a zauren WhatsApp na manajoji ranar 4, kuma mutum 11 ne a ciki, biyu ma sun bar aiki ba a cire su ba. Zan fara rubuta takardar shafi ɗayan da Barista ya ce, in kai masa gobe da safe tare da wannan.